Sararin da ba a gani: yadda ake tsara rubutun imel da Faransanci

Ɗan yayata yana harkar hatsi tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma ya yi Faransanci a makaranta gwargwadon da zai iya ciniki da shi har ya rubuta wasiƙa. Wata rana da la'asar ya zo ya same ni a zaure, ya miƙo mini wayarsa.

"Kawu, duba mini wannan kafin in tura. Shugaban wani kamfanin dakon kaya nake son gani a Maraɗi, sakatariyarsa ta ce in rubuta masa."

Na karɓa na karanta. Nahawunsa bai da wani aibi mai yawa, kalmomin kuma ya zaɓe su daidai. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shigar da ya yi wa wasiƙar. Kalmomin na Faransanci ne, amma alamomin rubutu da manyan baƙaƙe duk a tsarin Ingilishi ya jera su, yadda aka koya mana a makarantun Najeriya. Ga abin da ya rubuta:

```
Objet: Demande De Rendez-Vous
Cher Mr le directeur,
Pouvez-vous me recevoir le Lundi 3 Mars 2025 à 10:30am?
Votre secrétaire m'a dit: "Ecrivez au Directeur."
Le montant est de 250,000 FCFA.
```

Layi biyar ne kacal, amma duk wanda ya tashi a makarantar Faransanci, a Yamai ne ko a Garwa ko a Njamena, zai ga abin gyara a kowane layi tun kafin ya kai ga ma'anar saƙon. Na ce masa ya jawo kujera ya zauna, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da muka tattauna a ranar shi nake so in shimfiɗa a nan, domin ba shi kaɗai ba ne. Ɗalibai masu neman gurbin karatu, 'yan kasuwa, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke aiki a tsallaken iyaka, duk suna tuntuɓe a wuraren nan guda.

Alamomi masu gida biyu

Mu fara da abin da ya fi ba ɗan Najeriya mamaki. A Hausar boko da Ingilishi, kowace alama manne take da kalmar da ta gabace ta. Ka rubuta kalma, ka ɗora aya ko waƙafi ko alamar tambaya ba tare da tazara ba, sannan ka bar sarari ka ci gaba. Faransancin Faransa, wanda shi ake bi a makarantu da ofisoshin Nijar da Kamaru da Chadi, ya raba alamomin gida biyu. Aya da waƙafi suna manne da kalma kamar yadda muka saba. Amma akwai guda huɗu da ake bar wa sarari a gaba da kuma a baya: ruwa biyu, waƙafi mai ruwa, alamar tambaya da alamar motsin rai.

Hanyar tuna su mai sauƙi ce, kuma ita malamai ke koya wa yara. Dubi siffar alamar. In ɓangare ɗaya gare ta, kamar aya ko waƙafi, sarari ɗaya take so, a bayanta. In ɓangare biyu gare ta, sarari biyu take so, gaba da baya. Ruwa biyu ɗigo ne a kan ɗigo. Waƙafi mai ruwa ɗigo ne a kan waƙafi. Alamar tambaya ƙugiya ce a kan ɗigo, ta motsin rai kuma sanda ce a kan ɗigo. Saboda haka layin farko na wasiƙar ɗan yayata ya kamata ya fara da `Objet :` da sarari tsakanin kalmar da ruwa biyun, tambayarsa kuma ta ƙare da sarari kafin alamar.

Da na faɗa masa haka sai ya ce, "To Kawu, ai abu ne mai sauƙi. In danna sarari kawai."

A nan ne maganar ta yi zurfi, domin sararin da ake nufi ba irin wanda dogon madannin ƙasa ke bayarwa ba ne. Kwamfuta da waya suna ɗaukar sarari na yau da kullum a matsayin wurin da aka yarda su karya layi. In jumlarka ta kai bakin allo daidai wurin wannan sararin, sai kalmar ƙarshe ta tsaya a sama, alamar tambayar ta faɗo ita kaɗai a farkon layi na gaba, kamar ɗan akuyar da aka raba da uwarsa. A takarda kai ne ke ganin inda layi ya ƙare, sai ka gyara. A imel ba ka da wannan iko. Kai ka rubuta a babban allon kwamfuta, shi kuma zai karanta a ƙaramar waya, layukan su karye a wuraren da ba ka taɓa gani ba. Shi ya sa ake amfani da wani sarari na daban da Faransawa ke kira `espace insécable`, wato sararin da ba ya yankuwa. A ido daidai yake da ɗan'uwansa, amma yana ɗaure kalma da alamarta, duk inda ɗaya ta tafi sai ɗayar ta bi ta.

Wannan al'ada ta samo asali ne tun zamanin da ake jera baƙaƙen dalma da hannu a maɗaba'a. A lokacin sarari wani ɗan guntun ƙarfe ne da ake cusawa tsakanin baƙaƙe, kuma akwai mai kauri akwai siriri. Dogayen alamomi irin su alamar tambaya suna kai tsayin baƙi, don haka in aka manna su da kalma sai su cakuɗe da ita a ido. Sai masu jeri suka riƙa sa siririn ƙarfe a tsakani. Tsofaffin littattafan Ingilishi ma haka aka buga su. Daga baya Ingilishi ya watsar, Faransanci ya riƙe. Littafin da maɗaba'ar gwamnatin Faransa ta fitar, mai suna Lexique des règles typographiques en usage à l'Imprimerie nationale, shi ne madogarar da masu gyaran rubutu suka fi komawa gare ta. A ƙa'idarsa, ruwa biyu na samun cikakken sarari marar yankuwa a gabansa, sauran ukun kuma siriri.

A kwamfuta kowanne yana da lambarsa. Cikakken shi ne `U+00A0`, siririn kuma `U+202F`. Ni a wasiƙar imel ba na ba kowa shawarar ya wahalar da kansa da siririn. Wasu tsofaffin manhajoji da wasu nau'o'in baƙaƙe ba su san shi ba, sai su nuna ɗan akwati ko wata baƙuwar alama a gurbinsa, abin da ka yi don gyara ya koma ɓarna. Cikakken ya wadatar a duka wurare huɗun, kuma kusan kowace na'ura ta san shi. Ga yadda ake samun sa:

```
Word, Windows : Ctrl + Shift + Space
Windows       : Alt + 0160
Mac           : Option + Space
HTML          :  
```

Hanya ta biyu tana aiki ne da madannan lambobi na gefen dama, shi ya sa a kan ƙi yi a ƙananan kwamfutocin tafi-da-gidanka da ba su da wannan ɓangaren. Manhajar Word kuwa, in ka saita mata cewa harshen rubutun Faransancin Faransa ne, ita da kanta take saka sararin da zarar ka danna ɗaya daga cikin alamomin huɗu. Akwatin rubutu na Gmail a cikin burauza ba ya yin haka. Don haka in wasiƙar mai muhimmanci ce, kamar ta neman aiki ko ta neman gurbin karatu, abin da nake yi shi ne in rubuta ta a Word, in kwafo, in liƙa a imel ɗin. In kana so ka tabbatar sararin ya shiga, danna madannin `¶` a Word. Sarari na yau da kullum zai bayyana a matsayin ɗan ɗigo, marar yankuwa kuma a matsayin ɗan ƙaramin zobe a sama. Wata hanyar gwajin ita ce ka tura wa kanka wasiƙar, ka buɗe ta a waya, ka duba ko akwai alamar da ta kwana ita kaɗai a farkon layi.

Akwai wuraren da wannan ƙa'ida ba ta shiga ko kaɗan, kuma kuskure a nan ya fi tsada. Adireshin intanet ba jumla ba ne. Ruwa biyun da ke cikin `https://` ba a raba shi da komai, haka alamar tambayar da kan fito a tsakiyar dogon adireshi. Na taɓa turo wa wani abokin aiki adireshin wata takarda, manhajar da na rubuta saƙon a ciki ta cusa sarari kafin ruwa biyun ba tare da na lura ba, ya yi ta dannawa bai buɗe ba har muka yi waya. Tun daga ranar ba na buga adireshi da hannu cikin rubutun Faransanci, kwafo shi nake yi daga burauza, in sake dubawa bayan na liƙa. Haka kalmar sirri ko lambar asusu: kada a bar sarari marar yankuwa ya shige su, domin ido ba zai gan shi ba, na'ura kuwa za ta ƙi karɓa.

Sannan ba duk duniyar Faransanci ce ke bin Faransa sau da ƙafa ba. A lardin Kebek na ƙasar Kanada ana barin sarari kafin ruwa biyu, amma a rubutun yau da kullum ba a barin sa kafin sauran ukun. A Suwizalan kuma siririn sarari ake so a gaban dukkansu. Don haka in wasiƙa ta zo maka daga Montreyal ka ga alamar tambaya manne da kalma, marubucin bai yi kuskure ba, ƙa'idar garinsu ya bi.

Alamar zancen wani

Layi na huɗu na wasiƙar shi ne inda ɗan yayata ya kawo maganar sakatariya. Ya sa ta cikin ƙananan alamomin nan na sama da muka sani. Faransanci yana da nasa, masu kama da kan kibiya biyu-biyu, ɗaya na kallon hagu ɗaya na kallon dama, ana ce musu `guillemets`. Su ma ɓangare biyu gare su, don haka ƙa'idar ɗazu ta hau kansu, sai dai sararin marar yankuwa a ciki yake zama: bayan ta buɗewa da kuma kafin ta rufewa. Dalilin ɗaya ne. Ba a so alamar buɗewa ta maƙale a ƙarshen layi maganar ta sauka ƙasa, ko ta rufewa ta faɗo ita kaɗai.

Samun su a waya ya fi sauƙi fiye da a kwamfuta. A yawancin wayoyi, in ka danna alamar zancen da ka saba ka riƙe ta ɗan lokaci, zaɓi zai fito har da waɗannan. A Windows kuwa `Alt + 0171` ke ba da ta buɗewa, `Alt + 0187` ta rufewa. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne, tsohon tsarin madannai na Faransa, wanda ake kira `AZERTY` saboda baƙaƙe shida na farkon layinsa, shi kansa bai da madannin waɗannan alamomi. Wannan na cikin dalilan da suka sa hukumar daidaita ma'auni ta Faransa ta fitar da sabon tsari a 2019. Shi ya sa za ka ga Faransawa da yawa suna rubuta imel da alamomin sama irin namu, ba wanda ya ɗauke shi laifi a tsakanin abokai. A wasiƙar hukuma dai na asalin ake sa ran gani.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin ajiye aya. In maganar da ka kawo cikakkiyar jumla ce, ka gabatar da ita da ruwa biyu, to tana farawa da babban baƙi, ayarta kuma tana ciki kafin alamar rufewa, ba a ƙara wata a waje. In kuwa kalma ɗaya ce ko guntun magana da ka saƙa cikin jumlarka, ayar taka ce, a waje take zama:

```
Elle m'a dit : « Écrivez au directeur. »
Elle a jugé le dossier « incomplet ».
```

Wanda ya saba da tsarin Amurka, inda ake tura aya ciki ko da yaushe, shi ne ya fi faɗawa wannan ramin. In kuma cikin maganar da ka kawo akwai wata maganar ta wani daban, a nan ne ƙananan alamomin sama ke da amfani: na Faransanci a waje, na sama a ciki, su kuma ba a bar musu sarari.

Ka lura da baƙin farko na `Écrivez`. Ɗan yayata ya rubuta shi ba tare da ɗan karan da ke kansa ba, ya ce wai an koya musu cewa babban baƙi ba ya ɗaukar alama. Mutane da yawa haka suka ji, har a Faransa. Tushen abin na'urar buga rubutu ce ta da, da kuma madannan da ba su da hanyar fitar da shi cikin sauƙi. Majalisar kula da harshen, wato Académie française, matsayinta a fili yake cewa alamar na cikin rubutun kalma, babba ne baƙin ko ƙarami. Bahaushe bai buƙatar dogon bayani a nan. Mun san abin da ke faruwa in aka cire ƙugiyar ƙ ko ɗ, yadda ƙasa ke komawa kasa, ɗaki ya koma daki. A Windows `Alt + 0201` ke ba da É, `Alt + 0192` kuma À, wanda ake buƙata duk lokacin da aka rufe saƙo da `À bientôt`.

Babban baƙi: wa ake ba, wa ake hana

Ingilishi yana da hannun kyauta wajen rabon manyan baƙaƙe, Hausar boko ma ta ɗauko wani abu daga gare shi, shi ya sa muke rubuta Litinin da Maris da babban baƙi. Faransanci yana da tsumulmula a nan. Ranakun mako da sunayen watanni a wurinsa kalmomi ne gama-gari kamar tebur da kujera, ƙaramin baƙi suke ɗauka sai in su suka buɗe jumla. Don haka `le lundi 3 mars 2025`, babu babban baƙi ko ɗaya, babu kuma waƙafi a tsakani. Ranar farko ta wata ce kaɗai ke da ɗan ƙari, ana rubuta `le 1er mars`, sauran ranaku lamba ce tsurarta.

Wata yana samun babban baƙi ne in kwanan watan ya tashi daga kwanan wata ya zama suna, na biki ko na wani wuri. Bafaranshe zai rubuta `le 14 Juillet` in yana nufin bikin ƙasarsu, amma `le 14 juillet` in ranar zai karɓi kaya. A Yamai akwai zauren da ake kira `Palais du 29 Juillet`, don tunawa da ranar da aka buɗe babban taron ƙasa na 1991. A nan watan ya shiga cikin sunan gini, shi ya sa ya sami girma.

Haka abin yake ga sunayen harsuna da na al'umma, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Harshe ƙaramin baƙi yake ɗauka: `le haoussa`, `le français`. Siffa ma haka: `le gouvernement nigérien`. Mutum ne kaɗai, in an kira shi da sunan ƙasarsa, ke samun babba: `un Nigérien`. A kula kuma da baƙi ɗaya da ya raba maƙwabta biyu, domin `Nigérien` ɗan Nijar ne, `Nigérian` ɗan Najeriya. Ɗan yayata ya yi dariya da na nuna masa wannan, ya ce ashe baƙi ɗaya ne tsakanin Jibiya da Dan Isa.

Muƙamai su ne suka fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne ya juya abin baibai. Ya ba shugaban ƙaramin baƙi a wurin gaisuwa, ya ba shi babba a tsakiyar labari. Ƙa'idar akasin haka ce, kuma tana da ma'anar da Bahaushe zai gane nan take. In kana ba da labarin hakimi a bayan idonsa, cewa kake hakimi ya zo, hakimi ya tafi. In ka durƙusa a gabansa kuwa, sai ka ce ranka ya daɗe. Babban baƙin muƙami a Faransanci irin wannan girmamawar ce ta gaba da gaba. In da mutumin kake magana, a gaisuwar buɗewa ko ta rufewa, sai ka rubuta `Monsieur le Directeur` ko `Madame la Ministre`. In labarinsa kake bayarwa, sai ka rubuta `le directeur` ko `la ministre`, komai girman kujerarsa. A sunan ma'aikata kuma, abin da ake kula da shi ne ke ɗaukar babban baƙi, kalmar minista ko ma'aikata ta zauna da ƙarami: `le ministre de la Santé`, `le ministère des Finances`.

Sai `Mr` da ya rubuta. Wannan gajartawar Ingilishi ce. Ta Faransanci a ƙa'idar yau `M.` ce, da aya, jam'inta `MM.`, ta mace kuma `Mme` ba aya. Dalilin bambancin yana da daɗin sani, domin yana warware sauran duka. In gajartawar ta ƙare da baƙin ƙarshe na cikakkiyar kalmar, ba a sa aya, tunda ba a yanke wutsiyar kalmar ba, cikinta aka cire. Shi ya sa `Mme`, `Dr` da `Pr` ba su da aya. In kuwa an yanke kalmar aka bar kanta kawai, aya ce ke nuna wurin yankan. Amma duk wannan na wurin ambaton mutum ne a cikin labari. Wanda kake rubuta wa ba a gajarta masa. A gaisuwa cikakken `Monsieur` ake rubutawa, kuma `Cher` da ya ɗora a gaba na wanda ka riga ka saba da shi ne, bai dace da wasiƙar farko zuwa ga shugaban da bai san ka ba. Duk lafazin da ka buɗe da shi kuma, shi za ka maimaita daidai a gaisuwar rufewa.

Layin batun wasiƙa bai buƙatar dogon zance. Ba a bi kalma-kalma ana ɗora babban baƙi kamar kanun jaridar Ingilishi, kalmar farko ce kawai. Sunan littafi, in ya shigo cikin wasiƙarka, yana da 'yar ƙa'idarsa da ta ɗan fi wannan sarƙaƙiya. Littafin Mariama Bâ na 1979, Une si longue lettre, kalmar farko kaɗai ke da babban baƙi. In sunan ya fara da `Le`, `La` ko `Les`, sai a ba suna na farko da ya biyo baya babba shi ma, tare da siffar da ta gabace shi in akwai, ban da wadda ta zo a bayansa. Shi ya sa ake rubuta Le Petit Prince da manya uku, amma L'Enfant noir na Camara Laye siffarsa ta ƙarshe ƙarama ce.

Lambar da ta kusa canza ciniki

Na bar layin ƙarshe zuwa yanzu domin shi ne kaɗai zai iya taɓa aljihu. Sauran kurakuran suna sa mai karatu ya gane cewa marubucin baƙo ne a harshen. Wannan kuwa yana iya canza abin da aka fahimta. A Najeriya waƙafi muke sa wa don raba dubbai, aya kuma don gutsuren lamba. A Faransanci waƙafi shi ne na gutsure, dubbai kuma da sarari ake raba su. Saboda haka `250,000` a idon akawun da ya yi karatu a Damagaram ɗari biyu da hamsin ne da sifili uku na gutsure a bayansa. Mai hankali zai gane daga yanayin cinikin cewa dubu ɗari biyu da hamsin ake nufi, amma ba a so a bar wa mai karatu aikin zato a maganar kuɗi, balle in lambar za a kwafa a zuba cikin manhajar lissafi da aka saita a tsarin Faransanci. Daidai shi ne `250 000`, kuma sararin nan ma marar yankuwa ne, don kada `250` ya tsaya a sama `000` ya sauka ƙasa. Haka ake barin sarari tsakanin lamba da abin da take aunawa, kamar `50 kg` ko `10 %`.

Lokaci ma da nasa tsarin. Ba a amfani da `am` da `pm`, awa ashirin da huɗu ake ƙirgawa, a sa ƙaramin `h` tsakanin awa da minti da sarari a kowane gefe. Ƙarfe goma da rabi na safe `10 h 30` ne, ƙarfe huɗu na yamma `16 h`.

In za a tambaye ni wanne ya fi muhimmanci a cikin duk waɗannan, zan ce lamba ce ta farko, sai gaisuwa da muƙami, sai ƙaramin baƙin wata da rana. Su ne mai karatu ke gani nan take. Sararin da ba ya yankuwa yana biye, kuma wanda ke rubutu a waya bai sami hanyar saka shi ba, gara ya sa sarari na yau da kullum a duka wuraren da ya sa a wani layi ya manta a wani.

Muka gyara wasiƙar tare, shi yana dannawa ina faɗa masa. Na kuma sa ya sauya `Pouvez-vous` zuwa `Pourriez-vous`, wanda ya fi taushi a wurin roƙo, ko da yake wannan maganar ladabi ce, ba ta alamomi ba. Ga yadda ta koma:

```
Objet : Demande de rendez-vous
Monsieur le Directeur,
Pourriez-vous me recevoir le lundi 3 mars 2025 à 10 h 30 ?
Votre secrétaire m'a dit : « Écrivez au directeur. »
Le montant est de 250 000 F CFA.
```

Ya ƙara gaisuwar rufewa da sunansa a ƙasa. Kafin ya tura wa shugaban, na ce ya fara turo mini. Na buɗe a tawa wayar, wadda allonta ya fi nasa ƙanƙanta, sai ga alamar tambayar layi na uku ta sauko ita kaɗai, domin a waya ya rubuta, sarari na yau da kullum ya sa. Muka shiga ciki na kunna kwamfuta, ya kwafi wasiƙar zuwa Word, ya goge sararin, ya danna `Ctrl + Shift + Space` a gurbinsa, ya bi sauran wuraren ya yi musu haka. Ya sake turo mini. Wannan karon `30` da alamar suka sauko tare.

"Yanzu in tura, Kawu?"

Na ce ya tura, ya kuma ajiye kwafin a wayarsa don wasiƙar gaba.